Akwati Mai Kwaɗo Ɗaya

Takardun shafi goma sha ɗaya ne, da Faransanci. Rashida ta karɓe su ranar wata Litinin daga hannun Sumana, wanda ake girmamawa irin na Faransanci a ce Mushe Sumana, mai kula da ma'aikata a masana'antar gyaran shinkafa da ke bakin hanyar Dosso, a fitar garin Gaya. Masu masana'antar suna Yamai. Wata ƙungiya da ke sayen shinkafarsu don ciyar da 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ce ta kafa musu sharaɗi: sai kowane ma'aikaci, har mai aikin yini, ya ji ƙa'idojin aiki da hanyoyin kai rahoto cikin harshen da yake ji. An ba wani malami fassarar Dandanci, ɗaya harshen garin, ita kuma aka ba ta Hausa.

Kawunta Bawa ne ya kai sunanta. Ƙanen mahaifiyarta ne, shekararsa goma sha huɗu yana riƙe da mabuɗan mangazu, ɗakunan ajiyar masana'antar. Da aka yi zancen neman mai fassara a biro, wato ofis, ya ce yana da 'ya mai shirin kiwon lafiya a rediyon gari, wadda tsofaffi ma ke gane maganarta. Rashida ta je har gida ta yi masa godiya.

Rabin farko na takardun bai ba ta wahala ba. Hana karɓar goro daga masu kawo shinkafa, hana cin mutuncin mata, sa kayan kariya, duk ta san yadda ake faɗinsu. Rabi na biyu ne ya riƙe ta kwana biyu. Mutumin da ya ga ɓarna a wurin aiki ya faɗa, me za a kira shi? Ta rubuta mai tona asiri, ta goge. Ta rubuta mai kai ƙara, ta ji kamar ana zancen kotu. Duk kalmar da ta taɓo, sai ta ji warin gulma a jikinta, kuma ta san ba wanda zai yarda a kira shi da ita. A ƙarshe ta zauna a kan mai ankararwa.

Hanyoyin kai rahoton huɗu ne. Mutum zai iya gaya wa shugabansa na kusa, ko mai kula da ma'aikata, ko ya kira wani nimeron waya na kyauta da ke zuwa kai tsaye ga kwamitin da ke Yamai, ko ya jefa takarda cikin akwatin da aka kafa kusa da famfo. A ƙarƙashin jerin akwai layi biyu gajeru. Na farko ya ce rahoto yana iya zama confidentiel ko anonyme. Na biyu ya ce akwatin na rahoton anonyme ne kawai. Rashida ta dubi kalmomin biyu, ta ga duk asiri suke nufi, ta rubuta: ana iya kai rahoto a asirce, akwatin kuma na rahoton asiri ne. Jimlar ta yi mata daɗi a baki, ta wuce gaba.

Tsarin da Madam Safi, shugabar kwamitin na Yamai, ta aiko shi ne a fara gwada fassarar a kan ma'aikata kaɗan, a ji inda ba su gane ba, sannan a ba wani wanda bai ga Faransancin ba ya mayar da Hausar zuwa Faransanci don a gwama. Ranar Alhamis aka tara mata mutum takwas a rumfar da ke gefen filin shanya, maza biyar, mata uku. Kafin a fara, Mushe Sumana ya ja ta gefe ya ce ta tsallake zancen nimeron Yamai, kada a cika wa mutane kai, hanya biyu ma sun isa. Ta ce masa cikin ladabi ita ba ta da ikon ragewa ko ƙarawa, abin da ke kan takarda shi za ta karanta. Bai yi musu ba. Ya sa aka kawo masa kujera, ya zauna a bakin rumfar.

Ta karanta, tana tsayawa tana tambaya ko an gane. Kowa ya ce an gane. Injin sussuka yana ta ruri a bayansu, mazan suna kallon ƙasa. Sai da ta kai ƙarshe wata mace mai kimanin shekara arba'in da biyar, da dusar shinkafa a gashin girarta, ta ɗaga kai. Sunanta Ajuma, tana cikin matan da ke tsince da ɗinkin buhu.

"Malama, akwatin can na bakin famfo, in mutum ya sa magana ciki, ba mai ji?"

Rashida ta duba takardarta ta ce, "Haka aka rubuta, Yaya. A asirce ne."

Ajuma ta kaɗa kai. Rashida ta rubuta a kayenta, littafin aikinta, cewa an yi tambaya ɗaya, an amsa.

Ranar Talata da hantsi, ta fito daga shirinta, ta tarar da Ajuma zaune a gindin bishiyar bedi da ke ƙofar rediyo. A lokacin ya kamata a ce tana wurin aiki. Bayan gaisuwa, Ajuma ta ce ta zo ne a sake karanta mata wurin nan na akwati, don ko dai ita ba ta ji daidai ba, ko takardar ta yi ƙarya.

Rashida ta zauna kusa da ita, labarin ya fito a hankali. In ƙwari suka kama shinkafa, ana rufe tarin buhunan da babbar leda, a sa ƙwayoyin magani a ƙarƙashi, masu fitar da iska mai guba. Ƙa'ida ita ce a kulle mangazar kwana biyar zuwa bakwai, a buɗe ta sha iska, a gwada, kafin mutum ya shiga. Amma tun bara, in kamiyoyi, manyan motocin kaya, suka taru suna jiran lodi, ana buɗe mangaza ta uku bayan kwana biyu, a sa mata ɗinkin buhu a ɓangare ɗaya, tarin da ke ƙarƙashin leda yana ɗaya ɓangaren. Wurin yana warin tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Ana fitowa da ciwon kai, da amai, ƙirji yana ɗaurewa. Watan jiya wata ta faɗi, aka yayyafa mata ruwa, aka ce azumin nafila take.

Da Ajuma ta ji an ce akwatin na asiri ne, sai ta sa Fatuma, abokiyar aikinta wadda ta yi lakwal har aji shida, ta rubuta mata komai. Ta ce a sa sunanta, don ita ba ta san maganar da ba ta da mai ita ba, kuma in na Yamai suna son ƙarin bayani su san wa za su nema. Ranar Juma'a ta jefa. Ranar Asabar mai gadi ya ga Mushe Sumana yana buɗe akwatin. Ranar Litinin da aka kira sunayen masu aikin yini a ƙofa, ba a kira nata ba, bayan shekara shida. Aka ce aiki ya ragu.

Rashida ta tambaya wa ke buɗe mangazar. Ta san amsar kafin ta tambaya. Ajuma ta dube ta kai tsaye ta ce mai mabuɗai ɗaya ne, kuma ta san kawun Rashida ne, shi ya sa ta yi jinkirin zuwa. Abin da ya taso ta yau shi ne jiya Litinin an sa magani a mangaza ta uku, kamiyoyi huɗu suna tsaye, kuma an gaya wa mata su zo da allurai gobe Laraba. Fatuma tana cikinsu, da ciki wata biyar.

Rashida ta ciro takardun daga jaka, ta buɗe shafi na tara, ta aza Faransancin kusa da Hausarta. Yanzu da take nema, abin a fili yake. Kalma ɗaya tana nufin za a san sunanka amma a rufe shi tsakanin masu binciken. Ɗayar tana nufin ba suna sam. Akwatin na marasa suna ne. Ita ta haɗe su ta mai da su abu ɗaya, ta kuma tabbatar wa matar da bakinta a gaban mutane.

"Takardar ba ta yi ƙarya ba, Yaya," in ji ta. "Ni ce na fassara ba daidai ba."

Ajuma ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma zarge ta ba. Ta ce to yanzu fa? Rashida ta roƙe ta ta koma gida ta jira ta, za ta zo kafin la'asar. Ajuma ta kwatanta mata gidan, can gangaren kogi bayan masu kifi.

Ta shiga wani ɗaki da ba kowa a rediyon ta kira nimeron na kyauta, abin da ya kamata ta yi tun makon jiya. Muryar na'ura ce ta amsa da Faransanci, tana cewa a danna ɗaya don kaza, biyu don kaza. Ta kashe. A cikin mutum takwas da ta karanta wa, biyu ne za su iya wuce wannan ƙofar.

Sai ta kira Madam Safi a nimeronta na biro. Ba su taɓa haɗuwa ba, saƙo kawai suke musaya. Rashida ta ce tana da tambayoyi uku na mai fassara, ta kuma fara da kuskurenta, ta faɗe shi yadda yake. Madam Safi ta ce mayar da fassarar zuwa Faransanci zai kama wannan, ai don haka ake yi. Rashida ta ce an riga an karanta wa mutane. Ta biyu, wa ke riƙe da mabuɗin akwatin? Madam Safi ta ce akwatin kwaɗo biyu gare shi, mabuɗi ɗaya yana wurin wakilin ma'aikata, ɗaya yana Yamai, ba a buɗe shi sai ɗan kwamiti ya zo ƙarshen wata. Yana cikin wata takarda ta daban da ba a ba da fassararta ba. Rashida ta ce ita ta wanke hannu a famfon nan ranar Alhamis, kwaɗo ɗaya ta gani. Ta uku, wanda ba ya jin Faransanci, ta yaya zai yi magana da nimeron?

Muryar Madam Safi ta sauya. Ta tambaya ko wani abu ya faru. Rashida ta ce akwai wanda kuskurenta ya cutar, akwai kuma abin da zai iya cutar da mutane gobe da safe, amma ba ta gani da idonta ba, kuma ba za ta faɗi sunan kowa ba sai mai maganar ya yarda. Madam Safi ta ce daidai ne. Ta ce in zancen haɗari ne ga rai ba ya jiran kwana bakwai ɗin da ƙa'idar ta ba su na amsa, kuma Rashida da kanta tana iya kai rahoton abin da ta ji, don ƙa'idar ta haɗa da masu aikin wucin gadi irinta. Amma maganar wanda ya gani, mai iya faɗin rana da wuri, ita ce za ta ba ta ƙarfin dakatar da aiki daga nesa. Akwai ɗan kwamiti mai suna Nura, Bahaushen Maraɗi, zai iya karɓar maganar da Hausa. Suna biro har ƙarfe biyar da rabi. Ko kuma Rashida ta tsaya ta yi musu tafinta.

Rashida ta ce ba za ta iya ba, wanda maganar ta shafa ɗan'uwanta ne na jini.

"To kada ki zauna wurin," in ji Madam Safi. "Ki ba ta nimero, ki gaya mata gaskiyar abin da ke cikin takardar, ki fita."

Ta biya gida don ta gyara shafin kafin ta tafi, don ba ta so ta sake karanta wa Ajuma wani abu daga ka. Tana zaune a rumfar Inna, mahaifiyarta, da bik ɗin rubutu a hannu ta ji moto mai ƙafa biyu ya tsaya a ƙofa. Kawu Bawa ne, da rigar aiki, tarin mabuɗai a ɗamararsa. Bai saba zuwa da rana tsaka ba. Ya gaida yayarsa, ya ƙi ruwa, ya ce da Rashida yake son magana, amma Inna ta zauna ta ji.

Ya ce an ga wata mace da aka sallama tana zaune da ita a ƙofar rediyo. Ya ce matar mai yawan magana ce, ta daɗe tana neman abin da za ta kama. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba ya son ya cuci kowa, shi ma yana shiga mangazar, shi ma yana shan warin. In darektan masana'antar ya kira shi ya ce kamiyoyi ba za su kwana uku a tsaye ba, me zai ce? Wanda ya riƙe mabuɗai kafin shi ya ce a'a sau ɗaya, yanzu yana sayar da esansi, man fetur, a kwalba a bakin tasha. Ya ce yana buɗe ƙofofi biyu, yana sa matan can nesa da ledar, kuma har yau ba wanda ya mutu.

Rashida ta ce a hankali, "Kawu, Fatuma tana da ciki."

Ya ce zai sa ta a waje. Ta ce sauran fa? Ya ce aikinta fassara ne, ta fassara ta miƙa, ba a ɗauke ta don ta zama alƙali ba. Ya tuna mata wa ya kai sunanta. Inna ta sa baki ta ce ita ba ta san zancen takardu ba, abin da ta sani ƙanenta yana da iyali tara, kuma ba a gidanta za a ƙulla abin da zai raba shi da abincinsa ba.

Rashida ta ce akwai wata hanya. A cikin takardar an rubuta cewa wanda aka tilasta wa karya ƙa'ida yana iya kai rahoto da kansa, kuma ana duba wannan in an zo hukunci. In ya kira Yamai yau ya ce darekta ne ke matsa masa, shi ma mai ankararwa ne, kariyar ta hau kansa. Ta miƙa masa shafin. Ya dubi takardar a hannunta bai karɓa ba. Ya ce ita yarinya ce, ta ɗauka abin da aka rubuta a Yamai shi ke faruwa a Gaya. Ya miƙe, ya ce wa Inna sai an jima, ya fita. Ƙarfe uku da rabi ta wuce.

Inna ta ce mata kada ta fita. Rashida ta ƙarasa jimla biyun da take gyarawa, ta yafa mayafi, ta ce ta yi wa mutum alkawari. Ta tare kabu-kabu, babur ɗin haya, a bakin titi.

Gidan Ajuma ɗaki biyu ne da zana, ana jin hayaniyar masu kwale-kwale daga ciki. Ta shimfiɗa mata tabarma. Rashida ta karanta sabon shafin a hankali. Hanya iri biyu ce. Ko ka faɗi sunanka, 'yan kwamiti kaɗai su san shi, su iya nemanka, su iya kare ka. Ko ka ɓoye sunanka gaba ɗaya, ba wanda zai san kai ne, amma ba za a iya nemanka a ji ƙarin bayani ba, ba kuma za a iya sanar da kai abin da aka yi ba. Akwati na masu ɓoye suna ne, kada ka rubuta sunanka ko abin da zai nuna kai ne. In maganar ta shafi shugabanka ko mai kula da ma'aikata, kada ka bi ta kansu, kira Yamai. Ba sai kana da shaida a hannu ba, ka faɗi abin da ka gani, da rana, da wuri, da zuciya ɗaya. An hana a kore ka, ko a rage maka aiki, ko a tsangwame ka don ka yi magana.

Ajuma ta ce wannan na ƙarshen an karanta mata shi ranar Alhamis, ga ta kuma zaune a gida. Rashida ta ce gaskiya ne. Ta ce ba za ta iya yi mata rantsuwa cewa za a mayar da ita ba, ta riga ta tabbatar mata da abu sau ɗaya ya zama ba haka ba. Abin da ta sani shi ne cire sunanta da aka yi shi ma laifi ne da ake kai rahotonsa, kuma akwai mutum a Yamai mai jin Hausa da ke jira har biyar da rabi.

Ajuma ta gyara zama. Ta ce mijinta ya ce ta bari, garin ƙarami ne, gobe in tana neman aiki a wata mangaza za a ce ita ce wadda ta kai mutane Yamai. Ta tambaya in ta ƙi fa? Rashida ta ce to ita za ta kira ta faɗi abin da ta ji ba tare da suna ba, ko da ba zai yi ƙarfi kamar nata ba. Ajuma ta dube ta ta ce, har da kawun naki? Rashida ta ce ba ta da yadda za ta yi da abin da ke jiran matan gobe Laraba.

Biyar saura kwata Ajuma ta shiga ɗaki ta fito da ƙaramar wayarta mai maɓallai, ɗaure da roba. Ta ce suna dai sun riga sun san shi a Gaya, gara na Yamai ma su sani. Rashida ta danna mata nimeron, ta ji an ɗauka, ta ji muryar namiji ya yi sallama da Hausa, ta miƙa mata, ta fita.

Ta tsaya a bakin zana inda ba ta jin kalmomin, sai sautin murya. Mata suna wucewa da kwanonin kifi a ka, suna gaishe ta, wasu sun gane muryarta ta rediyo. Kiran ya ɗauki fiye da rabin awa. Da Ajuma ta fito, ta ce ya tambaye ta ranaku, da mangaza, da waɗanda suka yi amai, ya maimaita mata duk abin da ta faɗa don ta ji ko ya rubuta daidai. Ya ba ta lamba ta rahoton, ta haddace ta, ta kuma roƙi Rashida ta rubuta mata a takarda. Bai gaya mata abin da za su yi ba.

Washegari ƙarfe bakwai Rashida tana ƙofar masana'antar da gyararren shafin a jaka. Ba kowa ya kira ta ba, kuma miƙa shafin zai iya jira, amma ta kasa zama a gida. Kamiyoyin huɗu suna jere, direbobi suna shan shayi a ƙarƙashinsu. An gama kiran sunaye. Mata goma sha biyu suna tsaye a gaban mangaza ta uku da allurai da zare, Fatuma a ƙarshen layi. Ba alamar wani abu ya sauya.

Kawu Bawa ya zo daga biro yana zaɓen mabuɗi. Ya gan ta, ya ɗauke kai. Ya buɗe kwaɗon sama, ya sunkuya ya buɗe na ƙasa, ya ja ƙofar ƙarfen ta yi ƙara. Daga inda take Rashida ta ji warin. Matan gaba sun ja mayafi sun rufe hanci. Ta sami kanta tana tafiya wajensu ba tare da ta shirya abin da za ta ce ba, ita da ba ma'aikaciya ba, ba ta da ikon tsayar da kowa. Ta ce wa ta gaba, don Allah ku dakata kaɗan. Matar ta dubi Kawu Bawa. Shi kuma ya tsaya da hannu a kan ƙofar, bai ce su shiga ba, bai ce su tsaya ba.

Haka suke lokacin da darekta ya fito daga biro da waya a kunne, yana sauri, yana yi wa Bawa alama da hannu ya rufe. Fuskarsa a murtuke take. Ya ce da Faransanci a kulle mangaza ta uku, kowa ya ja baya, ba lodi yau. Direbobi suka taso suna tambaya. Kawu Bawa ya tura ƙofar, ya mayar da kwaɗunan ɗaya bayan ɗaya. Da ya juyo ya wuce ta gefenta kamar bai san ta ba.

Nura da wani ma'aikacin tsaron lafiya sun iso daga Yamai ranar Juma'a da na'urar gwada iska. Sun yi kwana uku suna ganin mutane ɗaya ɗaya a wani ɗaki da suka kama cikin gari, ba a masana'antar ba. An kai matan likita aka duba su. Rashida ba ta san abin da kowa ya faɗa ba, ba a kuma gaya mata ba. Abin da garin ya gani shi ne an ɗauke Mushe Sumana daga kula da ma'aikata, an kira darekta Yamai ya yi mako biyu ya dawo, kuma an dakatar da Bawa wata ɗaya, sannan aka mayar da shi wurin awo, ba mabuɗai. Mutane sun ce ƙaramin ne ya fi shan duka, Rashida ma haka ta gani. An mayar da sunan Ajuma bayan kwana goma sha takwas. Wasu matan sun daina zama kusa da ita lokacin cin abinci, don kwana biyar ɗin da aka yi ba lodi, ba su sami aiki ba.

Fassarar ta dawo daga wanda ya mayar da ita Faransanci da tambayoyi shida, ba ko ɗaya a shafi na tara da ta gyara. Madam Safi ta sa aka ƙara Hausa da Dandanci a na'urar nimeron, ta kuma nemi Rashida ta naɗi dukan takardun da muryarta don a sa wa ma'aikata a waya. Ta yi naɗin a rediyo cikin yini biyu.

Inna ta yi mako uku ba ta mata magana sai gaisuwa. Ranar sunan jikar Kawu Bawa, Rashida ta je tare da sauran mata, ta kai sabulu da turmin atamfa. Ta same shi a zaure tare da baƙi, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa, ya tambaye ta aiki, ta ce lafiya lau. Ya juya ya ci gaba da magana da mutumin da ke kusa da shi, ita kuma ta tashi ta shiga cikin gida.